Faɗuwar Kasuwa a Farkon Ritaya

A shekarar 2008 darajar hannayen jari a Nijeriya ta faɗi kusan rabi, waɗanda suka fara cin jarinsu a lokacin kuwa su suka fi jin jiki.

Mu ƙaddara wani malami a Tsafe ya yi ritaya da wuri da jarin Naira 1,000,000, yana cire 100,000 ƙarshen kowace shekara. In darajar ta fara ninkawa, sannan ta faɗi rabi, zai tsira da 850,000 bayan shekara biyu. In kuwa faɗuwar ce ta riga, 700,000 kaɗai za su rage. Dalili shi ne tilas ya sayar da hannaye masu yawa lokacin araha, kamar makiyayin da fari ya sa ya karyar da shanunsa. Ko damina ta gyaru, saniyar da ya sayar ba za ta haifa masa ba.