Haɗa Wayar Hannu da Na'urar Taimaka wa Ji: Bambancin Tsohon Bulutut da Mai Tsimin Wuta

Gabatarwa

A ƙaddara wani dattijo ne a Dutse, tsohon malamin makaranta, jinsa ya yi rauni, aka auna kunnuwansa a asibiti, 'ya'yansa suka saya masa na'urar taimaka wa ji guda biyu, dama da hagu. A jikin kwalin an rubuta cewa tana da Bulutut, wayarsa ma tana da shi. Aka kai wa mai gyaran waya ya haɗa su, sunan na'urar ya fito a fuskar wayar, amma da aka kira shi sai muryar ta fito ta bakin wayar kamar yadda ta saba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dalilin haka, watau cewa Bulutut suna ne guda da ya rufe hanyoyi biyu, kuma ba lalle ne mai bin ɗaya ya fahimci mai bin ɗayar ba.

Hanyoyin Biyu

Tsohon Bulutut shi ne wanda aka sani a rediyon mota da lasifikar shago. An tsara shi ne don ya riƙa kwararo da sauti babu yankewa, saboda haka yana da cin wuta. A shekarar 2010 aka fito da wata hanya mai tsimin wuta, wadda ke aika ɗan saƙo cikin ƙiftawar ido sannan ta yi likimo har lokacin saƙo na gaba. Da fari ba a yi ta don sauti ba, sai don ƙananan saƙonni irin na agogon hannu.

Abin da ya sa masu ƙera na'urar ji suka karkata ga hanya ta biyu shi ne ƙanƙantar batir. Alal misali, batir mai lamba 312, mai tambarin ruwan ƙasa, yana ɗauke da wajen miliamfa 170 na awa guda. Idan na'urar tana jan miliamfa ɗaya da rabi, zai yi awa 113, watau mako guda ga mai sa ta awa 16 a yini. Idan jan ya ninka sau biyu, sai kwanakin su koma uku da rabi. Daɗin daɗawa, irin wannan batir da iska yake aiki, kuma bushewar hunturu tana rage masa kwana. Ga mazaunin Kiyawa ko Jahun, wanda ba a kowane shago zai sami batirin ba, wannan lissafi shi ne kan gaba.

Da yake babu ƙa'ida guda ta aika sauti ta hanyar mai tsimi, sai kowane kamfani ya ƙago tasa. Na'urorin farko masu tambarin Made for iPhone sun fito a 2014, kuma da wayoyin Apple suke aiki. A 2019 Google ya shigar da tasa mai suna ASHA cikin Android 10. Kamfanin Phonak kuwa ya zaɓi tsohon Bulutut, abin da ya sa na'urorinsa ke haɗuwa har da ƙananan wayoyi masu maɓallai. Sai a 2020 aka ba da sanarwar ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna LE Audio, aka kammala ta a 2022, shekarar da Android 13 ya zo da ita.

Inda Suka Sha Bamban

Bambanci na farko yana wajen rabon sauti. Tsohon Bulutut zare guda yake miƙawa zuwa na'ura guda, don haka dole na'urar kunne ɗaya ta karɓa, ta san yadda za ta yi ɗayar ta samu. LE Audio kuwa yana bai wa kowane kunne nasa zaren, ya kuma daidaita lokacinsu.

Na biyu shi ne yadda ake matse sauti kafin a aika shi. Tsohon yana amfani da tsarin SBC, sabon kuma da LC3, wanda ke ba da sauti mai kyau daidai da na SBC da kimanin rabin bayanan. Ƙarancin bayanai shi ne ƙarancin lokacin da rediyon na'urar zai yi a farke, nan ne tsimin yake. Har ila yau jinkirin ya ragu: a tsohon, sauti kan makara da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa ya rikita mai haɗa ji da kallon leɓɓan mai magana a bidiyo.

Na uku ya shafi ɗaliban harshe kai-tsaye. Tsohon tsarin kira yana yanke duk sautin da ya haura kilohaz uku da rabi ko kusa da haka. Karin sautin Hausa yana ƙasa, don haka yakan tsira, amma ƙarfin zuzau irin /s/ da /sh/ da /ts/ yana sama, kuma raunin ji na tsufa daga sama yake farawa. Ta haka ne sara da shara da tsara ke cakuɗe wa dattijo a waya. ASHA tana kai sauti har kilohaz bakwai, LC3 kuma yana iya wuce nan, muddin layin kiran kansa bai riga ya yanke shi ba.

Matakan Haɗawa

Kafin komai sai a duba takardar na'urar a ga wace hanya take bi, sannan a nemi sunan wayar a jerin wayoyin da kamfanin na'urar ya gwada. Lambar Android kaɗai ba ta wadatar ba, domin sai mai ƙera wayar ya buɗe hanyar. Daga nan sai a kashe na'urorin biyu a sake kunna su, ta buɗe ƙofar batir a rufe, ko ta cire su daga cajarsu. Yawancinsu minti uku ne kawai suke bayarwa don a gan su. A ajiye su dab da wayar. A iPhone ana bin Settings, sai Accessibility, sai Hearing Devices. A Android ma galibi ana samun Hearing devices ƙarƙashin Accessibility. Mai bin tsohon Bulutut kuwa a jerin Bulutut na kullum ake haɗa ta. Idan wayar ta nemi izini sau biyu, a amsa duka biyun, domin kowane kunne da nasa.

Gane Matsala

A koma ga dattijon Dutse. Manhajar na'urar ta gan ta, har ana ƙara murya da rage ta daga wayar, amma kira ba ya shiga kunne. Wannan alama ce cewa ƙananan saƙonni suna wucewa, amma wayar ba ta da ASHA ko LE Audio. Sake haɗawa sau goma ba zai gyara ba. Mafita ita ce sauya waya, ko sayen 'yar na'urar tsakani da ake maƙalawa a riga, wadda ke karɓar tsohon Bulutut ta miƙa wa kunne.

Idan kunne ɗaya ne ke ji, to ɗayan ne bai haɗu ba, sai a goge sunan a fara daga farko. Idan sautin yana yankewa a fili, kamar a kasuwar Shuwarin, amma yana tafiya daidai a ɗaki, jikin mutum ne ke tare siginar, domin a fili babu bangon da zai dawo da ita. Maganin shi ne a mai da wayar aljihun ƙirji. Idan kuma mai kira ya ce ba ya ji sosai, a tuna cewa a tsarin ASHA bakin wayar ne ke ɗaukar murya, don haka sai a kusanto da ita.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kalmar Bulutut a jikin kwali ba ta isa shaida ba. Tambayar da ta kamaci mai saye ita ce: wanne daga cikin Made for iPhone da ASHA da LE Audio da tsohon Bulutut na'urar take bi, kuma wayarsa tana da shi? Abin da ya fi shi ne ya tafi da wayar wurin ma'aikacin ji, a haɗa su, a kira shi a gabansa, ya ji muryar a kunnuwansa biyu kafin ya biya kuɗi.