Yadda Ake Faɗa wa Yaya a Jidda Cewa Jikin Umma Ya Yi Tsanani

Bahaushe idan aka tambaye shi ya mai jiki, amsarsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko an ɗaura wa majinyacin ruwa, ko ya daina gane mutane, haka za a ce. Wannan ladabi ne, kuma kyautata wa Allah zato ne. Amma wanda ya zo dubiya yana haɗa amsar da abin da idonsa ya gani. Ɗan da ke tuƙi a Jidda kuwa, saƙon murya na WhatsApp ne kaɗai idonsa. In aka bar shi da "da sauƙi", zai ci gaba da turo kuɗin cefane alhali maganar wankin ƙoda ake yi.

A ɗauki misalin wata ƙanwa a Kano. Mahaifiyarsu ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga, cututtuka biyun da suka fi kashe ƙoda, yanzu kuma likita ya ce sai an fara wanki. Kafin ta danna makirufo, gara ta rubuta abin da za ta faɗa a takarda, domin kuka da ruɗewa kan sa a yi minti goma ana magana ba a faɗi abin da ake buƙata ba. Ga irin abin da za ta ce:

"Salamu alaikum Yaya, ya aiki? Ka samu wuri ka zauna ka saurara, maganar jikin Umma ce. Tana raye, tana magana, ta ce a gaishe ka. Sati biyu ke nan ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, fitsarinta ya ragu, ko kunu ta sha sai ta amayar. Shekaranjiya numfashi ya gagare ta a kwance, muka kai ta asibiti aka ba ta gado. An ɗebi jini, likita ya ce ƙodarta ta gaza, za a fara mata wanki. Zan turo maka hoton sakamakon da rasit. Mun biya na farko. Abin da muke nema a wajenka kuɗin wata guda ne, kafin Alhamis. Kada ka turo magani daga nan. Ka kira ni bayan isha'i ta wajenku."

Jimlar da ke cewa tana raye ba ta wasa ba ce. Duk wanda ke nesa ya ji an ce masa ya zauna, mutuwa ce ke fara zuwa ransa, kuma ba zai fahimci komai ba sai an cire masa wannan tsoron. Alamomin kuma an jero su da lokacinsu, don ya gane cewa jikin gaba yake yi.

Inda saƙonni suka fi tuntuɓe shi ne wajen kuɗi. "Ka turo abin da ya sawwaƙa" magana ce ta kunya, amma ba ta dace da wannan ciwo ba. Ƙa'idar wankin ƙoda sau 3 ne a mako, kowanne kimanin awa 4, ko da yake rashin kuɗi kan sa iyalai da yawa su rage. Bayan kuɗin wankin akwai na bututun da ake sawa a wuya ko cinya, da gwaje-gwaje, da allurar ƙarin jini, da mota. Dole kuma ƙanwar ta tambayi likita: ƙodar farat ɗaya ta tsaya, ana sa ran ta farfaɗo, ko lalacewa ce ta dindindin? In ta biyun ce, wankin ba zai tsaya ba sai dai a yi dashe, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002. Yayan da bai san wannan ba zai iya juye duk ajiyarsa a wata na farko.

Gargaɗin magani ma yana da dalili: ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da magunguna da yawa, kuma na ciwon gaɓoɓi da ake saye a kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, suna ƙara mata illa.

Sai maganar zuwa gida. Ma'aikaci a Saudiyya yana buƙatar bizar fita da dawowa da kuma hutu daga wajen aikinsa, don haka in likita ya nuna jikin ya yi nisa, a faɗa masa kai tsaye tun yana da sararin shiri. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa 2. Ƙanwar ta saurari saƙon kafin ta tura, ta kuma biyo shi da adadin kuɗi da lambar asusu a rubuce.