Bayanin Muhimmancin Bincike: Yadda Ake Rubuta Shi Don Wanda Ba Fanninsa Ba

A takardar neman tallafin bincike akwai sashen da mai nema yake faɗin dalilin da ya sa aikinsa ya cancanci kuɗi. Matsalar ita ce, kwamitin da ke tantance takardun, ko na Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund ko na wata gidauniyar waje, ba kasafai yake cike da 'yan fannin mai nema ba. Takardar masanin ciyayi tana iya faɗawa hannun likita ko injiniya, wanda wasu takardun da yawa ke jiransa. Idan sakin layi na farko bai shige shi ba, da wuya sauran ya ceci takardar.

Mu ɗauki misalin mai bincike a kan wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke kashe dawa, gero da masara. A rubutunsa na farko yakan ce: "Ba a gama fahimtar tasirin sinadaran sitirigolakton na roba a kan tsirowar irin wannan ciyawa a ƙasa mai ƙarancin naitirojin ba, kuma wannan bincike zai cike giɓin." Ɗan fanni zai gane nan take. Likita kuwa bai san sinadarin ba, bai san me ya sa tsirowar iri ta zama abin damuwa ba, kuma ba a gaya masa wanda ke asara ba. Jimlar ta fara da abin da masana ba su sani ba, alhali shi yana neman sanin abin da ke lalacewa.

Gyara na farko shi ne sauya jerin maganar. A fara da ɓarnar: wuta-wuta tana manne wa saiwar dawa tana tsotse ruwa da abinci tun tana ƙarƙashin ƙasa, don haka kafin manomi ya ga furenta ya cire, ta riga ta yi yawancin ɓarnarta. Sannan a faɗi dalilin da ya sa ta gagara: tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya zama a ƙasa sama da shekara 10 suna jira.

Sai bayan nan a kawo ilimin. Irin ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa, kuma idan ya tsiro bai sami saiwar da zai kama ba, yakan mutu cikin 'yan kwanaki. Yanzu mai karatu da kansa zai hango dabarar: a zuba wa gona kwatankwacin sinadarin kafin shuka, irin ya ruɗu ya tsiro, ya mutu. A nan ne za a ambaci sunan sinadarin, sau ɗaya, bayan an riga an san aikinsa. Giɓin ma sai ya zama tambaya mai ma'ana: dabarar tana aiki a ɗakin gwaji, to za ta yi aiki a gonar da ta gaji, inda wuta-wuta ta fi yin ta'adi?

Sashen ya ƙare da abin da zai canza. Idan gwajin ya yi kyau, za a san adadin da za a zuba da lokacin zubawa. Idan bai yi ba, za a san cewa gara a mai da hankali ga juya shuka da waken suya ko auduga, waɗanda su ma suke sa irin ya tsiro ba tare da ya kama su ba. Kwamiti yana son ganin cewa kuɗinsa zai haifar da amsa ta kowace fuska.

Akwai haɗari a wajen sauƙaƙawa. Mai rubutu yakan zarce ya ce aikinsa "zai kawar da wuta-wuta" ko "zai magance yunwa". Sau da yawa akwai ɗan fanni ko da guda ɗaya a kwamitin, kuma ya san gwajin damina biyu ba zai share irin da ya taru shekara da shekaru ba. Abin da za a iya karewa shi ne "rage yawan irin da ke cikin ƙasa", tare da faɗin yadda za a auna. Ana sauƙaƙa kalmomi ne, amma girman iƙirarin ya tsaya daidai da abin da gwajin zai iya nunawa. Cikakkun bayanan fanni kuwa, gurbinsu sashen hanyoyin bincike.

Hanyar gane ko gyaran ya yi ita ce a ba abokin aiki daga wani sashe, misali malamin tarihi, ya karanta sau ɗaya, a karɓe takardar, a tambaye shi: wa ke asara, me ba a sani ba, me zai canza? Idan ya ce "wani abu ne dai game da ciyawa", da sauran aiki. Duk tambayar da ya kasa amsawa, ita ce ke nuna jimlar da za a koma a sake rubutawa.