Idan Hagu Da Dama Suka Ƙi Daidaita: Yadda Ake Bin Sawun Kuskure A Littafin Kuɗi

A ƙarshen kowane wata, mai riƙe da littafin kuɗi yakan kwaso ragowar kowane asusu daga leja ya jera su a takarda guda, sahu biyu. Sahun hagu shi ne debit: kuɗin da ke hannu da na banki, kayan da aka saro, bashin da ake bin mutane, haya, albashi da sauran abin da aka kashe. Sahun dama shi ne kiredit: jari, ciniki, da bashin da ake bin shagon. Akantoci na kiran wannan takarda tirayal balas, wato gwajin daidaito. Dalilin gwajin kuwa shi ne, a tsarin shigarwa biyu, kowace naira sau biyu ake rubuta ta, sau ɗaya a hagu, sau ɗaya a dama. Idan aka sayar da buhun suga aka karɓi kuɗi, asusun kuɗi ya samu debit, asusun ciniki ya samu kiredit. Tun 1494 Luca Pacioli ya bayyana wannan tsari a littafin lissafinsa da aka buga a Venice, kuma har yau ƙa'idar ba ta canja ba: jimlar hagu dole ta yi daidai da jimlar dama.

To, idan ba su yi ba fa? Abin da akasari ake yi shi ne a buɗe leja tun daga shafin farko a shiga bi layi-layi, har ido ya gaji ya tsallake kuskuren bai gani ba. Ni a ganina wannan shi ne aikin ƙarshe, ba na farko ba. Na farko shi ne a cire ƙaramar jimla daga babba, a rubuta bambancin a gefe, a zauna a dube shi da kyau. Sau da yawa lambar nan da kanta take faɗin irin kuskuren da ya haife ta.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani shagon sari ne a kasuwar Singa ta Kano, ana sayar da shinkafa, suga da man girki. Yaron da ke riƙe da littafi ya haɗa gwajinsa na wata, debit ya ba shi naira 5,011,000, kiredit ya ba shi 4,958,000. Hagu ya ɗara dama da 53,000.

Kafin komai, a sake tara sahun biyu, wannan karon daga ƙasa zuwa sama, domin wanda ya yi kuskure a tarawa yakan maimaita shi idan ya bi hanya ɗaya. Bambancin da ya zo cif, kamar 100 ko 1,000 ko 10,000, yawanci daga tarawa yake, an manta da lambar da aka ɗauka zuwa gaba. Mai aiki da Excel kuma ya danna kan jimlar ya ga iyakar layukan da ta ƙunsa. Idan an rubuta

```
=SUM(B2:B14)
```

alhali an ƙara asusu a layi na 15, jimlar ba za ta lissafa shi ba. Haka ma adadin da kwamfuta ta ɗauka a matsayin rubutu ba lamba ba, tsallake shi za ta yi ba tare da ta ce uffan ba.

A shagon namu tarawa ta yi daidai. Sai a yi wa 53,000 tambayoyi uku. Ta farko: akwai wani ciniki, ko wani asusu, da adadinsa ya kai haka daidai? Idan akwai, mai yiwuwa an rubuta shi a ɓangare ɗaya an manta ɗayan, ko an bar asusun gaba ɗaya a leja ba a kawo shi takardar gwaji ba. An duba, babu.

Ta biyu: a raba shi biyu. Hikimar a nan ita ce, duk adadin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba, giɓin da yake haifarwa ninki biyu ne, domin ya rage wa ɓangaren da ya kamata ya shiga, ya kuma ƙara wa ɗayan. Rabin 53,000 shi ne 26,500. An nemi wannan ma, babu.

Ta uku: a raba shi da tara. Wannan ce dabarar da ta fi ba mutane mamaki, kuma babu wani siddabaru a cikinta. Idan hannu ya juya lambobi biyu, aka rubuta 36 a maimakon 63, bambancin 27 ne, tara sau uku. Ko waɗanne lambobi aka juya, bambancin zai rabu da tara ba saura. Har ma amsar takan ƙara haske: ukun nan na nufin tazarar da ke tsakanin lambobin biyu uku ce, don haka abin nema shi ne 14 da 41, 25 da 52, 36 da 63, 47 da 74, da ire-irensu. Haka kuma idan sifili ya ɓace, aka rubuta 4,500 a maimakon 45,000, bambancin 40,500 ne, idan aka raba shi da tara sai ya ba da 4,500, ainihin lambar da aka rubuta bisa kuskure. Sai dai a yi hattara, cikin kowaɗanne lambobi tara a jere akwai ɗaya da ke rabuwa da tara haka kawai, saboda haka wannan alama ce, ba hujja ba.

Namu 53,000 bai rabu da tara ba. Tambayoyi uku duk sun faɗi. A nan ne mutane kan karaya, alhali rashin amsar ma labari ne: akwai yiwuwar kuskuren ya wuce ɗaya, sun haɗu sun ba da lambar da ba ta kama da kowannensu. Yanzu sai a koma baya, ta hanyar da lambobin suka biyo suka zo. Daga takardar gwaji zuwa leja, daga leja zuwa littafin shige da ficen kuɗi da littafin ciniki, daga nan zuwa rasit. Ana farawa da matakin ƙarshe ne saboda shi ya fi gajarta: asusu goma sha biyar sun fi rasit ɗari huɗu saurin dubawa.

Akwai abin da ke rage wahala ƙwarai, shi ne a ajiye gwajin watan jiya kusa da na wannan watan. A shagon namu, kuɗin mota da dako kullum yana kusa da 60,000, amma wannan watan an ga 36,000, ga shi kuwa ba a rage sari ba. Da aka buɗe leja sai ga 63,000. Wajen kwafa ne hannu ya juya lambobin. Tun da lejar lafiyarta lau, takardar gwajin kawai za a gyara.

Gyaran ya ƙara wa debit 27,000, sai giɓin ya tashi daga 53,000 ya koma 80,000. Sabon shiga zai ce ya ɓata abu, har ya so ya mayar da gyaran. Kada ya mayar. Kuskuren farko yana rage hagu ne, na biyu yana kumbura shi, ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri. Yanzu da aka cire ɗaya, na biyun ya fito da ainihin girmansa, kuma dole a sake yi wa sabuwar lambar tambayoyin nan uku. Babu cinikin 80,000. Rabinsa fa? A littafin kuɗi ga 40,000 da wata mai sayar da abinci ta kawo don rage bashin shinkafar da ake bin ta. An rubuta shi daidai a debit na asusun kuɗi. Amma a shafinta na leja, maimakon a sa shi a dama ya rage bashin, sai aka sa shi a hagu, kamar ta ƙara karɓar kaya. Shi ya sa jimlar bashin da ake bin kwastomomi ta nuna 665,000, alhali 585,000 ce.

Gyaran wannan ba 40,000 ba ne, 80,000 ne a kiredit na asusunta: dubu arba'in don soke abin da aka rubuta ba daidai ba, dubu arba'in don rubuta biyan da ta yi. Ba a kankarewa, ba a shafa farin fenti a kai. Sabon layi ake rubutawa, da kwanan wata da bayanin dalili, yadda odita ko maigidan shago zai gane abin da ya faru ko bayan shekara. Da aka yi haka, hagu ya dawo 4,958,000, dama ma 4,958,000.

A duba abin da zai faru da an bi gajeriyar hanya. Wasu, idan dare ya yi, sukan ƙirƙiri layi su kira shi “sauran kuɗaɗe”, su zuba 53,000 a ciki don takarda ta daidaita. Takarda za ta daidaita, amma ribar watan za ta fito ba daidai ba, kuma baiwar Allah nan za a aika mata yaro ya nemi 80,000 da ba ta ci ba. Wannan ya wuce kuskuren alƙalami, ya zama cin haƙƙi, kuma ta haka ake rasa kwastoman shekaru. Ƙanƙantar giɓi ma ba ta halatta wannan. Bambancin naira 500 na iya zama abin da ya rage tsakanin kurakurai biyu na dubban ɗaruruwa.

Idan lokaci ya ƙure, ana jiran rahoto, akwai halastacciyar hanya. A buɗe asusun wucin gadi, wanda akantoci ke kira saspens, a ajiye giɓin a cikinsa a fili da sunansa. Duk kuskuren leja da aka gano daga baya, ta cikinsa za a gyara, har ragowarsa ta koma sifili. Asusun da ya kwana wata uku da kuɗi a ciki, alama ce an daina nema.

Daidaituwar hagu da dama kuma iyakarta ta nuna cewa an rubuta adadi ɗaya a ɓangarorin biyu. Cinikin da ba a rubuta ko'ina ba, gwajin ba zai gan shi ba. Rasit na 52,000 da aka shigar 25,000 a hagu da dama, shi ma zai wuce lafiya. Janareton da aka saya aka sa shi cikin kuɗin gyare-gyare maimakon kadarorin shago, haka. Kuma da a ce dubu arba'in ɗin matar nan an sa su a dama, amma a shafin wata kwastoma daban, da takarda ta daidaita tun farko ba wanda ya ankara. Manhajojin lissafi na zamani ba sa karɓar shigarwar da ba ta daidaita ba, don haka irin waɗannan kurakuran ne suka fi yawa a cikinsu. Ana kama su ne ta hanyar gwada littafin kuɗi da takardar bayanin asusu ta banki, da ƙirga kayan da ke sito, da kuma aika wa kowane mai bashi bayanin abin da ake bin sa a ƙarshen wata, ya duba ya ce haka ne ko ba haka ba ne.