Kafin ki goge saƙon nan: yadda za ki adana wayar 'yarki ta zama shaida a kotu

Mu ɗauki misalin wata uwa a Kwaciri, cikin ƙaramar hukumar Fagge. Daren Talata bayan sallar isha'i ta tarar da 'yarta mai shekara 16 tana kuka a ɗaki, waya a hannu. Da ƙyar yarinyar ta buɗe baki: wani ne da lambar da ba ta sani ba ya kwana uku yana turo mata saƙon murya a WhatsApp, yana cewa in ba ta tura masa naira dubu 50 ba zai yaɗa hotunanta a unguwa.

Abin da zuciyar kowace uwa za ta raya mata a wannan daren sananne ne. Ta ƙwace wayar, ta goge hirar don kada idon mahaifin yarinyar ya kai, ta karya layin, gari na wayewa ta aika yayanta Beirut Road a yi wa wayar filashin. Duk don rufin asiri ne, kuma babu wanda zai ga laifinta. Sai dai kowane ɗaya daga cikin matakan nan taimako ne ga mai barazanar, domin hujjar da za a kama shi da ita ce ake ƙonawa.

Me ya sa sikirinshot kaɗai ba ya isa?

Da yawanmu mun ɗauka in mun yi sikirinshot mun gama. Amma sikirinshot hoto ne kawai, kuma yaro mai wayo zai iya haɗa na bogi cikin minti biyar: ya ajiye lambar abokinsa da sunan wanda yake so a zarga, su rubuta abin da suka ga dama, ya ɗauka. Alƙalai da lauyoyi sun san wannan sarai. Shi ya sa tambayar farko da lauyan wanda ake ƙara zai yi ita ce: ina wayar da wannan ya fito daga cikinta?

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a Sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta a matsayin hujja, kuma yadda dokar ta fassara kwamfuta ya haɗa har da wayar hannu. Amma ta gindaya sharuɗɗa. Dole a nuna cewa na'urar ana amfani da ita yau da kullum a lokacin da abin ya faru, irin wannan bayanin ya saba shiga cikinta, tana aiki lafiya, kuma abin da aka kawo wa kotu daga cikinta ya fito. Ana tabbatar da haka ta bakin shaida, ko da takardar satifiket wadda mai kula da na'urar zai sa wa hannu, ya faɗi wace na'ura ce da yadda aka ciro bayanin.

Ba wasa kotu take yi da wannan ba. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, an gabatar da labaran jaridun intanet da aka buga a takarda ba tare da cika sharuɗɗan Sashe na 84 ba, Kotun Ƙoli ta ce ba su karɓu ba. In manyan lauyoyin shari'ar zaɓe sun yi tuntuɓe a nan, to uwa mai riƙe da sikirinshot ita ma sai ta yi hattara. Shari'ar gado ko aure a kotun Musulunci tana da nata tsarin hujja, amma barazana da neman kuɗi da ƙarfi laifi ne, kuma in ya je gaban majistare ko babbar kotu, wannan sashe za a duba.

Daren farko: ki rufe wa wayar hanya

Abu na farko da uwar nan ya kamata ta yi shi ne ta sa wayar a Airplane mode, ta kuma tabbatar Wi-Fi a kashe yake. Dalili kuwa, WhatsApp yana ba wanda ya turo saƙo damar janye shi da Delete for everyone har kusan kwana biyu. Saƙon da ya shigo daren Talata, mai shi zai iya shafe shi har zuwa Alhamis in ya ji motsin an gano shi. Muddin wayar ba ta kan intanet, umarnin shafewar ba zai iso ta ba. Amma ki sani yana nan yana jira, da zarar an kunna data zai shigo. Saboda haka kada a kunna sai an kwafi abin da ke ciki.

Ki bar wayar a kunne, ki jona mata caja. Kada ki cire layi ko memori, kada ki ba shi amsa, kada kuma ki kira shi ki zage shi, domin yin haka sanar da shi ne ya jefar da layinsa.

Na biyu, ki ɗauko wata wayar daban ki yi bidiyon fuskar wayar 'yarki. Ki fara da nuna kwanan wata da lokaci, ki shiga hirar, ki taɓa saman inda suna yake har lambar mutumin ta fito gaba ɗaya. Sai ki dawo ki bi hirar daga farko zuwa ƙarshe a hankali, kina kunna kowane saƙon murya, ba tare da yanke bidiyon ba. Wannan ya fi zama dole in kin ga alamar ɗan agogo a hirar, wato an kunna Disappearing messages, wanda ke share saƙo da kansa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Haka ma saƙon View once, buɗewa ɗaya ake yi ya tafi, don haka kada a buɗe shi sai kyamarar ɗaya wayar na kansa.

Akwai togiya guda mai nauyi. In a cikin hirar akwai hoton tsiraicin yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, kada ki ɗauke shi a bidiyo, kada ki tura wa kowa, ko ƙanwarki ce. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta yaɗa irin wannan hoto da ajiye shi. Ki bar shi inda yake, masu bincike ne za su ciro shi.

Ko da babu irin wannan hoton, tura saƙonnin zuwa guruf ɗin dangi ba adanawa ba ne. Abin da aka tura ya rabu da asalinsa, lambarki da lokacin turawarki zai ɗauka, ba na mai laifin ba.

Littafi da biro

Kotu na son sanin hannun da wayar ta bi tun daga daren nan har ranar da aka ajiye ta gaban alƙali. In aka samu giɓi, misali ta kwana biyu a shagon mai gyara, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce a can aka cusa saƙonnin. Wannan giɓin kaɗai na iya rage wa hujjar nauyi ko da an karɓe ta.

Maganinsa littafin makaranta ne na talakawa. Ki rubuta samfurin wayar, lambar layin da ke ciki, da lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke jikin kwalinta, ko ta fito in an danna *#06#. Ki rubuta ranar da lokacin da kika karɓe ta daga hannun 'yarki, da abin da kika yi da ita. Duk wanda ya taɓa ta bayan nan, a rubuta sunansa da lokaci da dalili. Ranar da za a kai ta ofishin 'yan sanda, ki nemi a rubuta cewa an karɓa, da IMEI ɗin a jiki, ki kuma rubuta sunan jami'in da ya karɓa. Ki tafi da caja, ki tanadi lambar buɗe wayar.

Abin da ƙwararre zai yi da ita

Mai binciken na'ura ba ya shiga wayar yana lalube kamar yadda muke yi. Kwafin abin da ke cikinta yake ɗauka da na'ura ta musamman, ya ajiye wayar, ya yi aikinsa a kan kwafin. Sannan ya lissafa wa kwafin wata lamba da ake kira hash, wadda ke kama da zanen yatsa. Irin wadda aka fi amfani da ita, SHA-256, jerin haruffa da alƙaluma 64 ce. In aka canza ko da ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin, lambar za ta sauya gaba ɗaya. Idan lambar ranar Laraba ta yi daidai da ta ranar shari'a bayan wata takwas, an tabbatar ba a taɓa komai ba.

Bidiyon da kika ɗauka ma ana iya yi masa haka. In akwai kwamfuta mai Windows a gida, a kwafe shi a kanta, a buɗe Command Prompt a inda fayil ɗin yake, a rubuta:

```
certutil -hashfile bidiyo.mp4 SHA256
```

Lambar da ta fito a rubuta ta a littafin nan da kwanan wata. In kuwa hujjar kanta a cikin kwamfuta take, ƙa'idar ɗaya ce: wadda aka samu a kashe a bar ta a kashe, kada a yi ta buɗe fayiloli, domin kowace kunnawa tana sauya wasu bayanai a ciki.

Wanda aka riga aka goge fa?

A nan ne mutane ke yaudarar kansu da cewa "ai MTN na da shi". Hirar WhatsApp a kulle take tun daga wayar mai turawa har zuwa ta mai karɓa, kamfanin layi ba ya ganin abin da ke ciki. Abin da Sashe na 38 na dokar 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa shi ne su ajiye bayanan mai layi da na zirga-zirgar sadarwarsa na shekara biyu, kamar wa ya kira wa da kuma yaushe. Wannan na taimakawa wajen gano mai lambar, musamman yanzu da ake haɗa layi da NIN, amma jami'an tsaro ne ke neman sa, ba ke ba. Kalaman barazanar kuwa a wayar 'yarki suke.

Saƙon da aka goge jiya, wani lokaci ƙwararre na iya samo shi, musamman in WhatsApp ya riga ya yi ajiyarsa ta dare kafin gogewar. Kowace rana da aka ci gaba da amfani da wayar damar na raguwa. Amma wayar zamani da aka yi wa Factory reset, makullin bayananta ne aka hallaka, kuma a mafi yawan lokuta babu dawowa.

Don haka uwar nan ta Kwaciri, in ta bi wannan hanya, safiyar Laraba za ta fita da waya a kunne wadda ba ta kan intanet, da caja, da bidiyo a wata wayar, da shafi ɗaya na littafi. Yarinyar kuma a ba ta aron wata wayar ta riƙe, a kuma shirya ta tun yanzu, domin a matsayinta na mai amfani da wayar kullum, da alama ita za a tambaya ko lafiya wayar ke aiki a kwanaki ukun nan.