Shafi Ɗaya da Ke Buɗe Ƙofar Mai Ba da Tallafi

Kafin gidauniya ta karanta cikakkiyar takardar neman kuɗi, sau da yawa takan buƙaci taƙaitaccen bayani a shafi ɗaya. Da shi jami'inta yake yanke shawarar kiran mai nema ko ajiye takardar gefe.

A ɗauki misalin ƙungiyar da ke son koya wa matasa 30 gyaran waya a Kano. Sakin layi na farko ya faɗi matsalar ƙarara: matasan unguwa sun gama sakandare ba sana'a, alhali masu gyara a kasuwar Farm Centre suna ɗaukar almajirai. Na biyu ya zayyana aikin: wata shida, uku a aji, uku a shagon maigida, sannan kowa ya samu akwatin kayan aiki.

Sai sakamako, inda takardu da yawa suke tuntuɓe. Rubuta "za mu horar da mutum 30" bayanin aiki ne kawai. Abin da mai tallafi yake nema shi ne mutum nawa za su riƙa samun kuɗin kansu wata shida bayan yayewa, da kuma yadda za a tabbatar, misali ta ziyartar shagunan.

A ƙasa a sa jimillar kuɗi, a raba ta da 30 don a ga kuɗin horar da mutum ɗaya, a ƙara lambar rajistar ƙungiyar ta CAC da aikin da ta taɓa kammalawa.