Akwatin kati: yadda ake riƙe sababbin kalmomi har watanni

Duk wanda ya taɓa koyon baƙon harshe ya san wannan ciwon. Ka zauna da daddare ka haddace kalmomi ashirin na Larabci ko Faransanci, ka kwanta kana jin sun zauna daram, bayan mako biyu a tambaye ka, ka laluba ka rasa fiye da rabi. Mutane kan ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa, alhali galibi lokacin bita ne bai yi daidai ba.

Wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a kan kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya duba abin da ya rage bayan ɗan lokaci. Ya gano cewa mantuwa ba tafiya ɗaya take yi ba. A sa'o'in farko ne take zuba da gudu, har fiye da rabin wahalar da ya sha ta tafi a banza cikin sa'a guda, daga nan sai ta lafa, ta riƙa ci a hankali. Binciken da ya biyo bayansa ya ƙara tabbatar da abu na biyu: duk lokacin da mutum ya yi nasarar tuno abu bayan ya fara dusashewa, mantuwar da za ta biyo baya takan fi ta farko jinkiri. Ke nan sabuwar kalma tana buƙatar a waiwaye ta gobe, wadda ta tsallake bita uku kuwa tana iya jiran makonni. Mahaddatan Alƙur'ani sun daɗe a kan irin wannan tsari, domin sabon allo kullum ake maimaita shi, tsohon karatu kuma sai tilawa ta zagayo kansa.

Matsalar ita ce kalmomi ba a jere suke kamar surori ba. Cikin ɗari uku, kowace da ranar da aka koye ta da irin taurinta, kuma ba wanda zai iya riƙe jadawalin kowace a ka. Wannan ne wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya warware a littafinsa na 1972 a kan dabarun koyo. Ya raba akwati gida biyar, faɗinsu santimita 1, 2, 5, 8 da 14. Katin da aka sani ya matsa gaba, wanda aka kasa ya koma gidan farko, kuma ba a taɓa gida sai ya cika. Tunda gidajen baya sun fi faɗi, sun fi daɗewa kafin su cika, sai tazarar bita ta tsawaita da kanta. Dabara ce mai kyau, sai dai a ganina kwanan wata ya fi dacewa da mai farawa, domin cikar gida ta dogara da yawan katin da ake zubawa, wanda kuwa yake rubuta kaɗan zai iya barin kalma ta yi wata biyu a gida na biyu har ta mutu.

Kayan aikin ba su wuce kwalin takalmi, almakashi, fensir da takarda mai ɗan kauri ba. Kaurin yana da dalili: idan takardar littafin rubutu ce, amsar da ke baya takan fito ta gaba, ido kuma ba ya jin kunyar leƙe. A yanka katuna kamar girman katin shaida, a raba kwalin gida biyar da guntayen kwali, a rubuta wa kowane gida tazararsa: na farko kwana 1, na biyu kwana 3, na uku kwana 7, na huɗu kwana 21, na biyar kwana 60. Waɗannan lambobi ba wahayi ba ne. Abin da ake nema shi ne kowace tazara ta ninka ta gabanta sau biyu ko uku. Duk lokacin da kati ya shiga gida, sai a rubuta da fensir a kusurwarsa ranar da za a sake ganinsa, a sa shi a can bayan layi. Da yake tazarar gida ɗaya ce ga kowa, katunan za su jeru da kansu bisa kwanan wata. Kullum sai dai ka zaro daga gaba har ka iso katin da ranarsa ba ta yi ba, ka tsaya.

Mu bi kati guda. Ɗaliba mai koyon Larabci ta haɗu da kalmar miftah a darasin 1 ga Maris. A fuskar katin ta rubuta "mabuɗi", a bayansa ta rubuta miftah da jam'insa mafatih, da gajeriyar jimlar da ta ga kalmar a ciki. Ta sa shi a gidan farko da kwanan 2 ga Maris. Washegari ta dubi fuskar, ta furta amsar da baki kafin ta juya, ta dace. Ya koma gida na biyu, 5 ga Maris. Ranar ma ta dace, sai gida na uku, 12 ga Maris, daga nan gida na huɗu, 2 ga Afrilu. A ranar ce ta tuno miftah amma jam'in ya ƙi zuwa. Nan ne tsarin yake tsayawa ko ya rushe. Zuciya za ta ce ai kusan an sani, a bar shi ya wuce. Doka kuwa ita ce ya koma gidan farko, komai nisan da ya yi. Ya sake hawa: 3 ga Afrilu, 6, 13, sai 4 ga Mayu, sannan 3 ga Yuli. Idan ta tuno shi a Yuli, ya fita daga akwatin, ya shiga damin da ake dubawa sau ɗaya ko biyu a shekara. Sau tara ke nan ta gan shi cikin wata huɗu, kowane gani bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Abokinsa mai sauƙi da bai taɓa faɗuwa ba sau biyar kawai za a gan shi, ya gama cikin kwana 92.

Furta amsa kafin juya katin shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da mutane suka fi yi wa ha'inci. Gane kalma idan an gan ta daban, zaro ta daga ka daban. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka wallafa gwajin da suka yi da ɗalibai masu koyon kalmomin Swahili 40. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya a kan kalmomin ko bayan sun amsa daidai sun tuno kusan kashi 80 cikin 100 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun amsa ta sau ɗaya, ko da sun ci gaba da karanta ta, kusan kashi ɗaya cikin uku suka tuno. Saboda haka ɗan jim ɗin nan da mutum yake yi yana lalube, yana jin kalmar a bakinsa ta ƙi fita, ba ɓata lokaci ba ne, shi ne abin da ke kafa ta. A ba shi kamar daƙiƙa goma. In ba ta zo ba, a juya, a karanta da ƙarfi, a mai da katin gidan farko.

Doguwar tazarar ma tana ba mutane tsoro, suna ganin kwana 60 ya yi yawa. Harry Bahrick da iyalinsa sun shafe shekaru tara suna gwada wannan a kan kansu da kalmomin baƙin harsuna, suka wallafa a 1993. Bita 13 da tazarar kwana 56 ta riƙe kalmomin kusan daidai da bita 26 da tazarar kwana 14. Mutum huɗu ne kacal a gwajin, amma bincike da yawa bayansa ya nuna hanya ɗaya.

Abin da ya fi kashe akwati shi ne zumuɗi, kuma lissafinsa a fili yake. Kowane sabon kati bashi ne na bita biyar aƙalla. Mai zuba kati 10 kullum, bayan wata uku zai riƙa tarar da kimanin 50 suna jiransa kowace rana, ban da waɗanda suka faɗi, a ce 60 zuwa 70 gaba ɗaya. Wannan aikin minti goma sha biyar ne, ana iya yin sa bayan Asuba kafin gida ya tashi, kuma a wata shida, ko da ana hutun kwana ɗaya a mako daga rubuta sababbi, an haura kalma 1,500. Mai zuba 30 kuwa zai ji daɗi a makon farko, domin bashin bai taru ba tukuna. Bayan wata uku zai tarar da kusan 200 kullum, in ya yi tafiyar kwana uku ya dawo ga tulin 600, daga nan akwatin ya koma saman kabad. Alamar an yi yawa ita ce gidan farko ya kumbura, ko kuma cikin kowane kati goma ana faɗuwa fiye da biyu ko uku. Idan haka ta faru, ko aka yi fashi, a daina rubuta sababbi har sai an biya tsohon bashi, a fara da gidajen farko, domin su ne mantuwa ta fi saurin ci. Katin gida na biyar ba abin da zai same shi don ya ƙara mako.

Akwai kuma katin da ke ta kai da komo, ya hau gida na uku ya faɗo, ya sake hawa ya faɗo. Idan ya yi haka sau huɗu, a zargi katin kafin a zargi kai. Wani lokaci kaya ne suka yi masa yawa, an rubuta ma'ana uku da jam'i da kishiya a baya ɗaya, sai a raba shi biyu ko uku, kowane da tambaya guda. Da ɗalibar nan ta sake faɗuwa a mafatih, da sai ta yi wa jam'in katinsa daban. Wani lokaci kuma yana da tagwai, wata kalmar mai kama da shi a sauti ko a ma'ana. Shi ya sa zuba sunayen launuka duka ko kwanakin mako duka a rana ɗaya yakan jawo ruɗani, gara a warwatsa su cikin makonni. Haka nan a riƙa cakuɗa katunan ranar kafin a fara, don kada ƙwaƙwalwa ta haddace jeri, ta riƙa sanin amsa saboda katin da ya gabata.

Wace fuska za a fara dubawa? Daga baƙon harshe zuwa Hausa ya fi sauƙi, kuma ya ishi mai son karatu kawai. Daga Hausa zuwa baƙon harshe ya fi wuya, amma shi ne ke sa kalma ta zo baki lokacin magana. Mai son duka biyun ya yi kati biyu, ya raba ranakun shigarsu, ya kuma tuna cewa bashinsa ya ninka.

Akwatin yana riƙe abin da aka riga aka fahimta ne, ba ya koyarwa. Kalmar da aka kwafo daga ƙamus ba tare da an gan ta cikin jimla ba za ta iya kaiwa gida na biyar, mai ita kuma ya kasa sanin inda ake sa ta. Takarda ba ta da murya, don haka lafazin da aka rubuta ba daidai ba haka za a haddace shi, kuskure mai bita biyar kuwa ya fi sabon kuskure wuyar cirewa. A ji kalmar daga bakin malami ko rediyo kafin a rubuta katinta, a sa wasullan Larabci cikakku, Faransanci kuma a rubuta kowane suna tare da alamar jinsinsa tun ranar farko.